Idan Tiyo Ya Kafe a Bakin Injin Ban Ruwa

Da zarar damina ta ɗauke, manoman rani a Kura da Kadawa da sauran fadamun ƙasar Hausa sukan fito da injinan ban ruwa daga inda aka ajiye su, a kakkaɓe ƙura, a canza baƙin mai, a duba fulogi. A nan ne da yawa ke cin karo da wata matsala da ba ta kai a kira makaniki ba, amma tana iya cinye wa mutum safiya guda: tiyon da aka bari a bakin famfo tun bara ya kafe, ya ƙi fita. A kwance kilif, a ja, shiru. A kira yaro ya danne injin, a sake ja da ƙarfi, injin ya biyo tiyo. Daga nan sai a ɗauko sukundireba a fara ɓanɓara, ko a kunna leda a kara masa wuta, kuma mafi yawan ɓarnar da ake yi wa bakin famfo daga wannan lokaci take farawa.

Ba manoma kaɗai abin yake samu ba. Mai gidan wankin mota, da mai buga bulo, da magidancin da ke da ƙaramin famfon lantarki mai tura ruwa tankin sama, duk sun san wannan kafewar. Maganinta kuwa ba ya buƙatar sayen komai: butar ruwan zafi, da sabulu, da tsumma. Sai dai kafin a ɗora ruwa a wuta, ya kamata a san abin da ke riƙe da tiyon, domin wanda ya gane wannan ba zai sake ja da ƙarfi ba.

Abin da ke riƙe da shi

Ka dubi bakin injin mai inci 2 ko inci 3. Akwai gajeren wuya na alminiyam ko na filastik da tiyo ke hawa kansa, kuma a jikin wuyan akwai haƙora zagaye da shi, biyu ko uku ko fiye. Haƙoran nan ba a tsaye suke ba. Ta gefen da tiyo ke shigowa suna da gangare, ta ɗaya gefen kuma suna da kaifin baki. An yi su haka ne da gangan, don tiyo ya shiga da sauƙi, fita kuma ta yi masa wuya idan ruwa ya matso da ƙarfi. Ranar da aka sa tiyon yana da laushi, kilif ya matse shi, namansa ya nutse cikin ramukan da ke tsakanin haƙoran, ya ɗauki siffarsu.

Bayan haka sai rana da kwanaki su yi aikinsu. Yawancin tiyon da ake sayarwa a kasuwa, kore ko shuɗi ko mai haske da ake ganin zare a cikinsa, na filastik ne da aka cuɗa da wani sinadari mai maiƙo don ya yi laushi. Zafin rana da daɗewa suna fitar da wannan sinadari a hankali, sai tiyo ya sandare. To, ya sandare ne a siffar haƙoran, ramin wannan ya shiga tudun wancan. Shi ya sa tsohon tiyo ya fi sabo taurin kai, kuma shi ya sa da asubar hunturu, a watan Disamba ko Janairu, abin ya fi tsanani, domin sanyi yana ƙara masa tauri. Tiyon da ya gagara da sassafe yakan ɗan saki da kansa idan ya sha ranar azahar.

Abu na biyu shi ne mannewa. Ruwan kogi da na rijiyar fadama yana ɗauke da laka, wani wurin har da kanwa-kanwa. Ɗan ruwan da ke kutsawa tsakanin tiyo da wuya yana bushewa ya bar datti. Idan wuyan na alminiyam ne, yakan fitar da wani farin gari mai kaushi. Idan na baƙin ƙarfe ne, tsatsa ce. Wannan gari yana cike duk wata ƙofa, ya haɗe tiyo da ƙarfe. Baƙar roba irin ta taya ta fi filastik wannan hali, har wani lokaci fatar cikinta takan ɓare ta zauna a jikin ƙarfen.

Abu na uku kuwa mai ja ne da kansa yake haddasa shi. Duk tiyon da ka kama daga nesa ka ja, tsawonsa yana ƙaruwa, faɗinsa kuma yana raguwa. Mai saƙar zare a ciki ya fi kowanne, domin zaren a gicciye aka saƙa shi, da an ja sai ya tsuke kamar zarge. Wato ƙarfin da kake sawa don ka fitar da shi, wani ɓangarensa yana komawa ya ƙara shaƙe wuyan famfon. Amma idan ka tura tiyon daga bakinsa, daga can inda ya ƙare a jikin famfo, sai ya taƙure, faɗinsa ya ɗan ƙaru, ya saki haƙoran. Wannan ne sirrin aikin gaba ɗaya: a tausasa shi da zafi, a karya mannewar da murɗawa, a sa masa santsi, sa'annan a turo shi daga baya.

Me ya sa ruwan zafi, ba wuta ba

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa zafi yana buɗa tiyo ne ya yi faɗi. Yana buɗa shi, amma kaɗan ƙwarai, abin da ido ba ya gani a tiyo mai inci 2, kuma ƙarfen da ke ciki ma yana ɗan buɗewa tare da shi. Babban aikin zafi shi ne mayar wa filastik laushinsa na ɗan lokaci. Irin wannan tiyo yana fara sakin jiki da zarar ya kai kimanin digiri 60, idan kuma ya doshi 80 sai ya yi laushin da babban yatsa zai lotsa shi. A wannan hali yana iya haurawa kan haƙoran ba tare da ya yage ba.

Ruwa yana da wata fa'ida da babu ita a wuta: komai tafasarsa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, don haka ba zai ƙona tiyo ba. Kuma yana lulluɓe shi ko'ina, zafin ya ratsa har ciki a hankali. Harshen wuta kuwa yana ƙone fatar waje ta gefe ɗaya alhali cikin bai ko ɗumama ba, ga hayaƙi mai guba da filastik ke fitarwa idan ya ƙone. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ganin an kunna wuta a bakin famfo, alhali tankin fetur yana nan kusa, tazarar da ba ta wuce taki ɗaya ko biyu na hannu ba. Ko da tankin ya yi kama da babu komai, tururin man yana nan ciki. Wannan ba abin gwadawa ba ne ko sau ɗaya. A hura wutar dafa ruwan can nesa da injin da jarkar mai, a kawo butar kawai.

Ga baƙar roba, ruwan zafi yana taimakawa amma ba kamar yadda yake yi wa filastik ba, domin ita roba an gasa ta tun a masana'anta, ba ta narkewa ta saki jiki sosai. A wurinta, santsi da karya mannewa su ne kan gaba.

Wane santsi za a sa

A gona, abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne baƙin mai, ko kalanzir, ko giris. Suna sa tiyo ya zame, babu musu, amma suna barin illa. Man da aka samo daga fetur yana shiga jikin baƙar roba ta ruwa ya kumbura ta, ta yi taɓo-taɓo, daga baya ta fara tsagewa. A jikin filastik kuma yana tsotse sinadarin laushin nan, bakin tiyo ya ƙara sandarewa, baɗi ya fi na bana kafewa. Ban da haka, mai ba ya bushewa. Idan aka mayar da tiyon da ragowar giris a ciki, ranar da ruwa ya matso da ƙarfi sai ya suɓuce daga ƙarƙashin kilif. Idan kuma famfon na ruwan sha ne ko na shayar da dabbobi, babu dalilin da zai sa baƙin mai ya kusanci bakinsa.

Ruwan sabulu ya fi su duka dacewa. Cokali 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke a cikin rabin kofi na ruwan ɗumi ya isa. Idan babu, a goga sabulun wanki a ɗan ruwa har ya yi kauri yana yauƙi tsakanin yatsu. Yana da santsi lokacin da ake buƙatarsa, yana jiƙa busasshiyar laka, ana wanke shi da ruwa ya fita, kuma idan ya bushe santsin ya tafi. Omo ma yana yi, amma a narkar da shi sosai, kuma a ɗauraye wuyan bayan an gama, domin yana da kaifi a kan alminiyam idan ya daɗe. Man gyaɗa yana fitar da mutum kunya idan babu sabulu, sai dai shi ma a wanke shi tas daga baya, don yana danƙarewa ya yi danƙo.

Yadda aikin yake tafiya a kan inji

Bari mu bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. Manomin tumatir ne yake da injin fetur mai inci 2. A bakin da ruwa ke fita akwai tiyon filastik mai kauri, mai zare a ciki, wanda ya kwana biyu a wurin ba a taɓa cire shi ba. An ɗaure shi da kilif, an kuma naɗe da robar tib. Yanzu zoben da ke ɗaure wuya da jikin famfo ya tsage, ruwa yana feshi ta nan, dole a canza shi. Shi kuwa zoben ba ya fita sai ta gefen da tiyo yake, saboda haka sai tiyo ya sauka. Manomin ba ya so ya yanke, domin tsawon tiyon da ƙyar yake kaiwa bakin kwalbatin gonar.

Da zoben yana kwancewa, da aikin ya zo da sauƙi ƙwarai. Sai a murɗe shi, a raba wuyan da injin, a adana wosha ta roba da ke ciki, a tsoma bakin tiyon da wuyan gaba ɗaya cikin tukunyar ruwan zafi na minti 3 zuwa 5. Duk wanda injinsa ke da irin wannan zobe, ya fara gwada wannan, domin tsomawa ta fi zubawa ratsa tiyo, kuma injin yana can gefe babu abin da zai same shi. Amma a misalinmu farin garin nan ya cinye zaren zoben, ya ƙi motsi. Dole a yi aikin a jikin inji.

Da farko a kashe injin, a rufe makullin mai, a bar salansa ta huce. Idan akwai makulli a kan layin ruwan, ko tiyon ya hau tudu, a tabbatar ruwan da ke ciki ya sauka, kada ya zubo wa mutum da ƙarfi lokacin da bakin ya saki. Sai a kwance murfin ƙasa na famfon a zubar da ruwan cikinsa. Mutane sukan tsallake wannan, kuma shi ne yakan sa su ce ruwan zafi bai yi aiki ba. Alminiyam yana jan zafi da sauri. Idan cikin famfon cike yake da ruwan sanyi, duk zafin da ka zuba a kan tiyo zai bi ƙarfe ya tafi can, fatar waje ta yi zafi, cikin da ke manne da haƙora ya zauna da sanyinsa.

Sai a warware robar tib, a kwance kilif har ya yi sako-sako, a zame shi baya nesa da wuyan. Sassautawa kaɗan ba ta isa ba. Kilif mai tsatsa yakan nutse cikin naman tiyo, ko an kwance notinsa yana nan a maƙale, sai an ɗaga shi da hannu. Idan da waya aka ɗaure, a yanke ta da filaya, a duba da kyau ko akwai wani zagaye da ya ɓuya cikin laka. A wanke wurin, a ga bakin tiyon fili.

Yanzu a karkatar da injin kaɗan, ko a juya shi, yadda ruwan da za a zuba zai gangara ƙasa ba kan fulogi ko matatar iska ba. Kada a kwantar da shi gaba ɗaya, don mai zai zuba. A naɗe wuyan da tsumma mai kauri, tsohon tawul ya fi, zagaye biyu ko uku, daidai tsawon da tiyo ya hau ƙarfe da ɗan ƙari. Amfanin tsumman shi ne ya riƙe ruwan a wurin, ya kai zafin har ƙasan wuyan. In babu shi, ruwan zai zube nan take, saman tiyo kaɗai ya yi laushi.

A sauke butar daga wuta, a riƙa zubawa siriri a kan tsumman, a dakata, a sake zubawa, har kimanin minti 4 ko 5. Lita 3 zuwa 4 sukan isa ga tiyo mai inci 2, kuma yana da kyau a bar wata butar a kan wuta, domin sau da yawa sai an maimaita. Wanda ke riƙe da injin ya tsaya ta gefen tudu, ba inda ruwan ke gangarawa ba. Ruwa mai digiri 60 kaɗai yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi kaɗan, balle wanda aka sauke yanzu, kuma silifa ba ta kare ƙafa. Yaran da sukan taru kallo a matsar da su.

A ɗage tsumman da sanda, a danna tiyon da babban yatsa ta cikin busasshen ƙyalle. Idan ya lotsa ya dawo, ya yi. Idan yana nan gagau, a mayar da tsumma a ƙara ruwa. Daga lokacin da ya yi laushi, kana da kamar minti ɗaya kafin ya fara komawa, musamman idan iskar hunturu na kaɗawa, saboda haka ruwan sabulu ya kasance a kusa tun kafin a fara.

A nan ne ake buƙatar wani abu siriri marar kaifi. Wutsiyar cokali ta fi sukundireba aminci. A cusa ta a hankali tsakanin bakin tiyo da wuya, a kwance, tana bin jikin ƙarfen, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Ba ɓanɓara za a yi ba, hanya ake buɗa wa sabulu. A ɗiga ruwan sabulun ta gefen cokalin, a zare, a matsa gaba kaɗan, a sake, har a zagaye wuyan. Za ka ga ruwan yana shiga fari yana dawowa da launin ƙasa ko toka-toka. Wannan alama ce yana cin dattin.

Sai murɗawa. A kama tiyon daidai inda yake kan wuya, ba can baya ba, da busasshen tsumma ko safar hannu, a murɗa dama kaɗan, hagu kaɗan. Da farko ba za ka ji komai ba. Can sai ka ji ya yi ƙas, ya juya ɗan kaɗan a kan ƙarfen. Mannewar ta karye ke nan, kuma rabin aikin ya ƙare. Kada a yi gaggawar ja a wannan lokaci. A ƙara sabulu, a ci gaba da murɗawa har ya riƙa juyawa da sauƙi, domin kowace murɗa tana kai santsin cikin rami na gaba. Manomi mai gogewa yakan ce wa ɗansa a nan: "Kai, kar ka ja tukuna. Murɗa shi dai, sai ya yi wasa."

Idan ya yi wasa, a sa manyan yatsu biyu a bakin tiyon ta gefen famfo a tura shi waje, ɗaya mutumin kuma yana riƙe da jikin tiyon yana lanƙwasa shi sama da ƙasa kaɗan-kaɗan, yana karɓar nauyinsa. Zai haura haƙori na farko, ya tsaya. Idan ya fara tauri, a mayar da tsumma a ba shi buta ta biyu. Haƙori na biyu ya fi sauƙi, na ƙarshe kuma yakan saki farat ɗaya, don haka mai riƙewa ya gyara tsayuwa kada ya faɗi da baya. Bayan tiyo ya sauka ne za a iya jiƙa zaren zoben da kalanzir, a bar shi ya sha, a ƙwanƙwasa kunnuwansa a hankali da katako har ya kwance, ba tare da man ya taɓa tiyo ba.

Idan hannu ya kasa murɗawa, ana iya sa sifanar famfo ko babbar filaya, amma a naɗa tsumma tukuna, a kama daidai kan wuyan ƙarfe, kuma a matse iya abin da zai hana zamewa kawai. A kan wuyan filastik kuwa ban yarda da ita ba sam.

Inda ake yin ɓarna

Ƙananan famfunan gida da wasu na sola da yawa bakinsu filastik ne, wani lokaci a haɗe yake da gangar jikin famfon. Idan ya karye, ba wuya kaɗai aka rasa ba, sai a sayi sabon murfi ko sabon famfo. Ga irin waɗannan, tafasasshen ruwa zai iya tausasa wuyan tare da tiyon, ya lanƙwashe. A surka shi: rabi tafasasshe, rabi na randa, zai ba da kimanin digiri 60, kuma ya isa ga siririn tiyo idan aka ba shi lokaci. A riƙe gindin wuyan da hannu ɗaya lokacin murɗawa, kuma a rage lanƙwasawa sama da ƙasa, don ita ce ke ɓalle shi. Kafin komai a zare wayar famfon daga soket, kashe makunni kaɗai bai isa ba, kuma a rufe akwatin wayoyin da ke saman motar da leda. Idan ruwa ya shiga wurin, kada a kunna sai ya bushe sarai.

Tiyon zuƙo ruwa, mai ƙashi a naɗe cikin jikinsa, shi ma yana da nasa sharaɗi. Ƙashin nan filastik ne mai tauri, shi ke hana tiyon lotsewa idan inji na zuƙa. Idan ya sha zafi sosai aka matse shi da sifana, zai huce a baje, ba zai sake komawa zagaye ba. A dumama iya inda ya hau wuya kawai, a yi aiki da hannu.

Ɓarnar da ta fi ɓoyuwa ita ce ta sukundireba da wuƙa. Alminiyam yana da taushi, ƙarfe mai kaifi yana barin zane a kansa. Zanen da ya bi tsawon wuya, ya ratsa haƙoran, ya zama hanyar ruwa wadda kilif ba zai iya toshewa ba. A bakin fita, za ka ga ɗigo ko siririn feshi daga ƙarƙashin tiyo komai matsewar da aka yi. A bakin zuƙa abin ya fi muni, don ba ruwa ke fita ba, iska ce ke shiga, ido kuma ba ya ganinta. Injin zai yi ta ƙara bai kawo ruwa ba, ko ya kawo yana tofarwa da kumfa yana yankewa, a yi ta ɗura masa ruwa ta sama ana zargin sil ko farfela, alhali zane ne guda a wuya.

Akwai lokacin da ya kamata a haƙura da ceton bakin tiyon. Idan an dumama shi sau biyu ko uku bai yi laushi ba, ko ka lanƙwasa shi ka ga ƙananan tsaga suna buɗewa, ko baƙar roba ce da ke barin baƙin gari a hannu, to wannan bakin ya mutu, ko ya fita lafiya ba zai sake riƙe ruwa ba. A yanke tiyon a gicciye daidai inda wuya ya ƙare, asarar ba ta wuce tsawon yatsa ba. Guntun da ya rage a kan wuya a dumama shi, a tsaga shi a tsaye da reza ko wuƙa mai kaifi, amma kada a kai ƙasa. A bar ɗan siririn nama, a buɗa tsagar da wutsiyar cokali, sauran zai yage da kansa, bakin wuƙa bai taɓa ƙarfe ba.

Mayar da shi

Kafin a mayar, a goge wuyan da burushi ko soson ƙarfe mai laushi har farin garin ya fita, ana bin zagayen haƙoran, ba tsawon wuyan ba. A leƙa cikin bakin tiyon. Idan ramukan da haƙora suka bari sun yi zurfi, ko bakin ya buɗe ya yi faɗi, gara a yanke wannan ɗan guntun idan tsawo ya bari, a hau da sabon wuri. A tuna a zura sabon zoben a wuya, a zura kilif a jikin tiyo, tun kafin a haɗa su; wanda ya manta sai ya sake dafa ruwa.

A tsoma bakin tiyon cikin ruwan zafi minti 2, a shafa ɗan ruwan sabulu a wuya, a tura yana murɗawa har ya rufe haƙoran duka. Kilif ya zauna a bayan haƙori, inda tiyo ke da ƙarfe a ƙarƙashinsa, a bar ɗan tazara daga bakin tiyon. A matse daidai, kada ya yanki naman, domin a lokacin yana da laushi. Idan ya huce, a ƙara matsewa kaɗan, sa'annan a sake dubawa bayan ban ruwan farko, don filastik yakan ɗan kwanta a ƙarƙashin kilif. A ƙarshen rani kuma, ranar da za a ajiye injin, a cire tiyon da rana tsaka yana da ɗumi, a wanke wuyan a bushe shi, a rataye tiyon a inuwa.